Ko Kun Sani? Ma'auni Biyu, Jeri Biyu

Hotuna guda uku na hawan sallah a garin Shagari suna iya samun jeri biyu mabambanta, gwargwadon ma'aunin da alƙalan gasa suka ɗauka. Ma'aunin ingancin fasaha, wato tsabtar aikin kyamara, yana duba kaifin hoto da daidaiton haske, saboda haka hoton doki a tsaye da hantsi, wanda kowane zare na kayan adonsa ya fito sarai, shi ne zai zo na ɗaya, na taron jama'a ya biyo baya. Amma idan aka koma ga ma'aunin taɓa zuciya, hoton mahayi a tsakiyar sukuwa, wanda ƙura ta dusashe shi kuma ƙafafun dokin suka gauraye domin ƙofar hasken kyamarar ta daɗe a buɗe, yana iya tsallakowa daga ƙarshe zuwa farko, domin dishi-dishin da ma'aunin farko ya ɗauka aibi shi ne yake sa mai kallo ya ji gudun a jikinsa. Haka aka yi da hotunan Robert Capa na saukar sojoji a Normandy ranar 6 ga Yuni, 1944: ba su fito tangaran ba, amma har yau suna cikin fitattun hotunan Yaƙin Duniya na Biyu.