Raba Furotin da Gishiri: Dayalisis da Zaɓen Tantani

Duk wanda ya yi aikin tace furotin a ɗakin bincike ya san cewa gishiri aboki ne a wani mataki, abokin gaba kuma a mataki na gaba. Ɗaya daga cikin hanyoyin da aka saba bi wajen ware furotin daga sauran tarkace ita ce a zuba masa gishirin amoniyam salfet har ya dunƙule ya kwanta a ƙasan kwalba. To, amma idan an kwashe shi an sake narkar da shi, sai a tarar gishirin ya biyo shi, ya kuwa hana ruwa gudu a aikin da ke gaba. Ba za a iya ƙafe ruwan a wuta ba, domin zafi yana dafa furotin kamar yadda yake dafa ƙwai, gishirin kuma yana nan bai tafi ba. Saboda haka dole a nemi hanyar raba su cikin lalama.

Wannan hanya ita ake kira dayalisis. Wani masanin kimiyyar sinadarai ɗan ƙasar Sikotilan, Thomas Graham, shi ya bayyana ta a shekarar 1861. Ana zuba ruwan furotin a cikin wata 'yar jaka ta tantani, wadda galibi da salulos ake yin ta, a ɗaure bakinta, a jefa ta cikin babban tulu na ruwan da ba shi da wannan gishiri. Jikin tantanin cike yake da ƙofofi waɗanda ido ba ya gani. Ƙwayoyin gishiri ƙanana ne, suna ratsawa su fita. Ƙwayoyin furotin manya ne, sai su tsaya a ciki. Ba wanda yake tura gishirin. Shi da kansa yake bazuwa daga inda ya yi yawa zuwa inda ya yi ƙaranci, har ƙarfinsa a ciki da waje ya zo ɗaya. Da zarar an kai nan, aiki ya tsaya, ko da an bar jakar mako guda.

Ruwan tulun ba zallan ruwa ba ne. Ana sa masa ɗan sinadarin da zai riƙe tsaminsa a wuri ɗaya, shi ne ake kira bafa, domin furotin da yawa ba sa jure wa ruwan da ba shi da gishiri ko kaɗan, sai su dunƙule.

Babbar tambaya ita ce, wane tantani za a ɗauka? Ana auna nauyin ƙwayar sinadari da ma'aunin da ake kira dalton. Amoniyam salfet dalton 132 ne kawai. Furotin kuwa dubbai ne: insulin kamar 5,800, albumin na jinin saniya kamar 66,000. A jikin kowane ƙunshin tantani akwai lamba da aka rubuta tare da haruffan MWCO, watau iyakar nauyin da tantanin yake tsarewa. Nan ne mutane da yawa suke yin kuskure, suna ɗaukar lambar tamkar katanga, wai duk abin da ya ɗara ta ba zai wuce ba. Ba haka ba ne. Ma'anarta ita ce, ƙwaya mai wannan nauyi, tantanin yana tsare kimanin kashi 90 cikin ɗari nata a gwajin da masu yin sa suka yi. Sauran kashi goman yana iya sulalewa. Dalili kuwa, ƙofofin ba girmansu ɗaya ba, akwai matsattsu, akwai masu faɗi. Har ila yau nauyi ba shi ne siffa ba: ƙwaya doguwa siririya takan bi ta ƙofar da dunƙulalliya mai nauyi irin nata ba za ta iya bi ba, kamar yadda zare yake bi ta kafar rariyar da ta tsare tsakuwa.

Bisa ga haka masu aikin suka tsayar da ƙa'ida: a zaɓi tantanin da lambarsa ba ta wuce rabin nauyin furotin ba, in ma da hali ta tsaya a sulusi ko ƙasa da haka. Amma kada a ce tunda haka ne sai a riƙa ɗaukar mafi matsatsi kullum. Gwargwadon matsin ƙofa, gwargwadon jinkirin fitar gishiri, furotin kuwa daɗewa cikin ruwa ba ta yi masa kyau. Ana neman lambar da ta yi nesa da furotin ta ƙasa, ta kuma yi nesa da gishiri ta sama.

Alal misali, a ƙaddara wani ɗalibi ya ware laisozayim daga farin ƙwai. Nauyin wannan furotin kamar dalton 14,300 ne. Yana da mililita 10 na ruwansa, kowace mililita da miligiram 2, watau miligiram 20 ke nan gaba ɗaya. A ƙaddara kuma ƙarfin amoniyam salfet da ke ciki milimola 1,000 ne, shi kuwa yana so ya sauko ƙasa da milimola 1. A kan kanta akwai tantani iri uku: mai lamba 12,000 zuwa 14,000, da mai 6,000 zuwa 8,000, da mai 3,500.

Na farkon shi ya fi yawa a ɗakunan bincike, shi hannu yake fara kaiwa gare shi. Da albumin ne da ya wadatar ƙwarai. Amma ga laisozayim lambar ta yi daf da nauyinsa, zai yi ta yoyo a hankali, kuma duk sa'ad da aka sake ruwan tulu sai yoyon ya sabunta. Na biyun yana bakin iyaka, domin rabin 14,300 shi ne 7,150. Na ukun kuwa bai kai ko sulusin nauyin furotin ba, alhali ya ninka nauyin gishirin fiye da sau ashirin. Shi ya kamata ɗalibin ya ɗauka, ya haƙura da ɗan ƙarin lokaci.

Sa'an nan sai shirya jaka. Busasshen tantani yakan zo da gilisarin a jikinsa don kada ya tsage, saboda haka sai a jiƙa shi a ɗauraye shi sosai da tataccen ruwa, in kuma ya jiƙu ba a barinsa ya sake bushewa. Da safar hannu ake taɓa shi. A ɗaure gindinsa, a fara zuba ruwa a matsa a ga ko yana ɗiga, kana a zuba furotin. Ba a cika jakar fal. Ruwan da ke ciki ya fi na waje gishiri nesa ba kusa ba, don haka tun kafin gishirin ya gama fita, ruwan waje zai riƙa kutsawa ciki, jakar ta kumbura. Idan ba a bar mata sarari ba, ko dai ta fashe, ko ƙofofinta su buɗe fiye da ƙima. Sai a matse iska, a bar kamar rabin tsawon jakar a lafe, a ɗaure sama.

Yanzu sai lissafin ruwa, wanda shi ne zuciyar aikin. Idan aka jefa mililita 10 cikin lita ɗaya, gishirin zai bazu cikin mililita 1,010, ƙarfinsa ya ragu kusan sau ɗari: daga milimola 1,000 ya koma kamar 10. Bai isa ba. A zubar da ruwan tulun a kawo sabuwar lita, sai 10 ta koma kamar 0.1. An kai gaci ke nan, lita ta uku ta tabbatarwa ce. Da ɗalibin ya yi ƙyuya ya haɗa lita ukun a tulu ɗaya, da gishirin ya tsaya a milimola 3 da ɗoriya, bai ko kai inda ake so ba. Ruwa ɗaya ne, sakamako ya bambanta. Mai wankin shuwaka ta san wannan: ba yawan ruwa yake kashe ɗaci ba, yawan sauya shi ne.

Wannan lissafi yana tsayuwa ne kawai idan an bar kowane zubi ya kai daidaito. An saba ba na farko da na biyu awa uku zuwa huɗu kowanne, na ƙarshe kuma ya kwana. Ana aza tulun a kan na'urar juyi mai maganaɗisu, domin in ruwa ya tsaya cik, gishirin da ya fito yakan taru a jikin jaka ya rage saurin fitar na ciki. Ana kuma yin aikin cikin sanyi, a digiri 4, don kare furotin daga lalacewa, ko da yake sanyi yana ƙara jinkiri.

Da gari ya waye akwai tambaya biyu. Ta farko, gishiri ya fita? Ruwa mai gishiri yana ɗaukar lantarki, saboda haka sai a auna wannan a ruwan tulu na ƙarshe da na cikin jaka, a gwada da sabon bafa. In duka sun zo ɗaya, an gama. Ta biyu, furotin yana nan? A nan ana bukatar natsuwa. A ce ɗalibin ya auna ya sami miligiram 1.4 a kowace mililita maimakon 2, sai gabansa ya faɗi. Amma in ya auna yawan ruwan ya ga ya tashi daga mililita 10 zuwa 14, to, 14 sau 1.4 ya ba da 19.6. Kusan ba abin da ya ɓata, ruwa ne ya tsinka shi. In kuwa 0.9 ya samu a cikin mililita 14 ɗin, saura 12.6 ke nan, an yi asarar fiye da sulusi.

Irin wannan asara ƙofa uku gare ta. Idan ruwan jaka ya yi gurɓi ko an ga farin gari a gindi, furotin ne ya dunƙule, maganinsa a gyara tsamin bafa ko a bar masa ɗan gishirin da zai riƙe shi. Idan ruwan garau yake, sai a zargi tantani: ko lambarsa ta yi girma, ko ɗauri ya yi sako-sako. Idan kuwa tun asali furotin ɗan kaɗan ne ainun, mai yiwuwa ya manne a jikin jakar. Neman sa a ruwan tulu ba ya cika amfani, domin miligiram 2 cikin lita guda ya tsinke ƙwarai, da ƙyar ma'auni zai gan shi.

Akwai furotin da ba ya jure kwana. Irin wannan akan bi da shi ta bututu mai cike da ƙananan ƙwallaye masu ramuka, kamar Sephadex G-25, dabarar da Porath da Flodin suka bayyana a Uppsala a 1959. Gishiri yana shiga ramukan ya yi jinkiri, furotin da ya wuce kimanin dalton 5,000 ba ya shiga, sai ya riga shi fitowa. Cikin 'yan mintoci an gama. Sai dai abin da za a ɗora ba zai wuce kimanin kashi 30 cikin ɗari na girman abin da ke cikin bututun ba, kuma furotin yakan fito a ɗan tsinke.

Ko ta jaka ko ta bututu, abin da za a fara sani shi ne nauyin furotin. Wanda ya san shi ya raba shi biyu ko uku kafin ya miƙa hannu kan kanta, ya kuma auna abin da ya zuba da abin da ya kwashe, ba zai wayi gari ya tarar aikin mako guda ya bi ruwan da ya zubar da hannunsa ba.