Daga wuya zuwa ƙugu: abin da raunin laka ke ɗauka da abin da yake bari

Mutum biyu za su yi haɗari a mota ɗaya, dukansu a ce sun samu rauni a laka, amma bayan wata shida ɗaya yana tura kekensa da hannuwansa yana zuwa kasuwa, ɗayan kuwa ko ƙuda ba ya iya korewa daga fuskarsa. 'Yan uwa sukan ɗauka wancan ya fi samun kulawa ne, ko wannan an yi masa sakaci. Sau da yawa ba haka ba ne. Abin da ya raba su shi ne wurin da raunin ya faɗa a tsawon lakar, kuma likita yakan rubuta shi a kati da harafi ɗaya da lamba, kamar C6 ko T10.

Laka igiya ce mai taushi da ta sauko daga ƙwaƙwalwa ta cikin ramin ƙashin baya. Kaurinta bai wuce na ƙaramin yatsa ba, tsawonta a jikin baligi kimanin santimita 45. Jijiyoyi suna fita daga gare ta bibbiyu, dama da hagu, har hawa 31: takwas a wuya, su ake wa alama da C, sha biyu a bayan ƙirji, T, biyar a ƙugu, L, biyar a ƙashin tsatso, S, sai ɗaya a can ƙarshe. Kamar wayar lantarki ce da ta ratsa unguwa: inda ta tsinke, gidajen da ke gabanin wurin suna da wuta, na bayansa duka duhu. Shi ya sa raunin wuya yake taɓa hannuwa da ƙafafu gaba ɗaya, na bayan ƙirji kuwa yake barin hannuwa lafiya.

Akwai abu guda da mutane kan fahimta a baibai. Lambar da aka rubuta ba ta nuna wurin da ya mutu, tana nuna hawa na ƙarshe da yake aiki daidai. Idan an ce C6, ma'ana C6 da duk abin da ke samansa suna nan, asara ta fara daga ƙasansa.

A wuya ne hawa ɗaya yake canza rayuwar mutum gaba ɗaya. Babbar tsokar numfashi, wadda ta raba ƙirji da ciki, tana karɓar umarni daga C3, C4 da C5. Duk wanda lakarsa ta yanke sama da nan ba ya iya numfashi da kansa. Abin da ya samu Christopher Reeve ke nan, ɗan fim ɗin Amurka da ya fito a matsayin Superman, wanda ya faɗo daga kan doki a 1995 ya karya ƙasusuwa biyu na saman wuyansa. Ya rayu har 2004, mafi yawan shekarun yana dogara da na'urar numfashi. A inda babu irin wannan na'ura kusa, mai irin raunin ba kasafai yake kai wa asibiti da rai ba. Mai C4 yawanci yana numfashi, yana juya kai, yana ɗaga kafaɗa, amma hannuwansa a kwance suke.

Daga nan kowane hawa yana dawo da motsi guda. C5 yana ba mutum lanƙwasa gwiwar hannu, wato ya kai hannu bakinsa. C6 yana ƙara ɗaga wuyan hannu sama. C7 yana kawo miƙe gwiwar hannu. C8 shi ne dunƙule yatsu, T1 kuma ware su da haɗa su, irin ƙananan motsin da ake ɓalle maɓalli ko zura zare da su. Ji ma a jere yake: babban yatsa na C6 ne, na tsakiya na C7, ƙaramin yatsa na C8.

Mu ɗauki misalin matashi ɗan acaɓa da ya faɗi a kan kansa, aka kawo shi yana cewa ba ya jin jikinsa. Likita zai ce masa ya lanƙwasa hannu, ya lanƙwasa da ƙarfi. Ya ce ya ɗaga wuyan hannu, ya ɗaga, har ya iya ture hannun likitan kaɗan. Sai a ɗaga masa hannu sama a ce ya miƙe gwiwar, nan hannun ya faɗo masa a fuska. A ce ya matse yatsun likita, shiru. Ana auna ƙarfin kowace tsoka daga 0 zuwa 5, kuma 3 na nufin tana iya ɗaga gaɓar da kanta ba tare da an tallafa ba. Bayan haka sai a ɗauko auduga da tsinin allura. Ya rufe ido, a taɓa babban yatsansa, ya ce ya ji, ya kuma bambance tsini da dakushi. A taɓa na tsakiya, ya ce kamar daga nesa. Ƙaramin yatsa, babu komai. Wannan C6 ne.

Me wannan matashi zai iya nan gaba? Fiye da yadda danginsa ke zato a makon farko. Idan mutum ya ɗaga wuyan hannunsa sama, yatsu sukan lanƙwashe da kansu, babban yatsa ya matso jikin manuni. Mai karatu ya saki hannunsa ya gwada, zai gani. Da wannan ɗan riƙon mai C6 yake ɗaukar biredi, ya riƙe kofi marar nauyi, ya ci abinci da cokalin da aka ɗaura masa a tafi. Saboda haka masu gashin ƙashi ba sa son a riƙa miƙar da yatsun irin wannan majiyyaci da ƙarfi alhali wuyan hannun yana ɗage. Mai jinya da ke yin haka don tausayi, wai kada yatsu su ƙage, yana iya sassauta jijiyar ya raba shi da riƙon da ya rage masa. Abin da zai fi ba shi wuya shi ne tashi daga gado zuwa keke, domin wannan aikin miƙe gwiwar hannu ne. Da raunin ya sauka hawa ɗaya zuwa C7, da ya iya dafa katifa ya ɗaga jikinsa. A ganina babu wata tazara a duk tsawon laka da ta kai wannan tasiri a kan ko mutum zai dogara da kansa, in ban da ta numfashi.

A bayan ƙirji lissafin ya fi sauƙi. Hannuwa lafiya, ƙafafu sun shanye, abin da ke canzawa shi ne iyakar ji da ƙarfin gangar jiki. T4 yana daidai kan nono, T10 daidai cibiya, T12 wajen matsematsi. Mai T4 ba shi da tsokar ciki, don haka in ya saki hannu a zaune sai ya kife, tarinsa kuma ba shi da ƙarfi, majina takan taru masa a ƙirji. Mai T12 yana zama daram, yana tari sosai, yana sunkuyawa ya ɗauki abu a ƙasa.

Ƙafa kuma tana da nata jerin. L2 ke ɗaga cinya, L3 ke miƙe gwiwa, L4 ke ɗaga tafin ƙafa sama, L5 ke ɗaga babban yatsan ƙafa, S1 ke sa mutum ya yi ɗage. Wanda ke da ƙarfin miƙe gwiwa yana da kyakkyawar damar tafiya da sanda da takalmin da ke riƙe idon sawu. Ita lakar kanta tana ƙarewa wajen ƙashin ƙugu na farko ko na biyu. Daga nan zuwa ƙasa tarin jijiyoyi ne kawai, kuma su sun fi laka iya farfaɗowa in an sauke musu abin da ya danne su da wuri.

Fitsari, bayan gida da sha'anin aure suna hannun S2 zuwa S4, can ƙasan jerin. Tunda su ne a ƙarshe, kusan kowane rauni, ko na wuya ko na ƙugu, yana taɓa su. Wannan ne kuma dalilin gwajin da majiyyata suka fi jin nauyinsa, inda likita zai sa safar hannu ya taɓa gefen dubura ya tambaya ko an ji, ya kuma ce a matse. Ba cin fuska ba ne. In har akwai ji ko motsi a nan, to wani saƙo yana ratsa wurin raunin tun daga sama har ƙasa, wato lakar ba ta yanke duka ba. A ma'aunin da asibitoci ke amfani da shi, A na nufin babu abin da ke wucewa, B ji yana wucewa ban da motsi, C da D motsi yana wucewa, na D ya fi ƙarfi, E kuwa komai ya dawo. Mutum biyu masu C6, ɗaya A ɗaya D, ba su da makoma ɗaya: na biyun yana iya tashi ya taka.

Raunin da bai yanke laka duka ba yakan zo da siffofi masu ruɗarwa. Dattijo ya faɗi ya bugi haɓa ko goshi, kansa ya lanƙwashe baya, sai a ga ƙafafunsa suna motsi amma hannuwa sun mutu, saboda tsakiyar lakar wuya ce ta ji ciwo. Wanda aka soka da wuƙa a gefe guda na laka kuwa, ƙafar wannan gefen ce ke rasa ƙarfi, amma ɗaya ƙafar ce ba ta jin zafi ko sanyi, domin hanyar da ke ɗauke da jin zafi tana tsallakawa ɗaya gefen tun a cikin laka.

Kada kuma a ɗauki gwajin ranar farko a matsayin hukunci. A kwanakin farko laka takan yi doguwar suma, kumburi ya rufe har wuraren da ba su lalace ba. Shi ya sa ake maimaita gwajin bayan kwana uku da kuma makonni bayan haka. Ko masu A sukan samu ƙarin hawa ɗaya cikin watanni. Mafi yawan abin da zai dawo yana dawowa ne a wata shida na farko zuwa shekara.

Lambar tana da wani amfani ga mai jinya a gida. Wanda rauninsa yake T6 ko sama yana iya kamuwa da hawan jini na farat ɗaya in wani abu yana damun jikinsa a inda ba ya ji. Kai ya sara masa da ƙarfi, fuska ta yi ja, gumi ya keto daga saman wurin raunin, hanci ya toshe. Galibi mafitsara ce ta cika saboda robar fitsari ta lanƙwashe ko ta toshe, ko bayan gida ya taru, ko gyambon kwanciya, ko ma farce da ya shiga nama. Ba a kwantar da shi. A zaunar da shi tsaye, a sauke ƙafafunsa, a kwance duk abin da ya matse shi, a bi robar daga jiki har jaka a ga ko fitsari na gudu. In ciwon kan bai sauka ba cikin 'yan mintuna, asibiti za a nufa nan take, kuma a gaya wa ma'aikacin da aka fara tararwa lambar da ke kan katin.