An ce hoton ƙwaƙwalwa lafiya lau, to me ya rage?

Duk wanda ya ɗauko marar lafiya daga Sabon Birni ko Isa ya kai shi Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo a Sakkwato ya san abin da hoton kai ke ci: kuɗin mota, kuɗin hoto, ga fargabar hanya. Idan takarda ta fito ta ce ba a ga komai ba, sai dangi su rabu biyu. Wasu su ce a koma gida, ya warke. Wasu su ce ciwon ba na asibiti ba ne, iska ce ko sammu. Takardar ba ta faɗi ko ɗaya ba.

A ɗauka dattijo ne mai hawan jini, ya tashi da asuba hannun dama ya saki, baki ya karkace, magana ta sarƙe. Kafin la'asar an yi masa hoton CT, aka ce lafiya lau. Abin da likita ke nema shi ne jini, domin jinin da ya fashe a ƙwaƙwalwa yakan fito fari fat tun daga farko. Amma idan jijiya ce ta toshe, naman da ya rasa jini ba ya saurin sauya kama, yana iya kwana guda bai bayyana ba. Saboda haka wannan sakamako bai kore shanyewar ɓarin jiki ba. Ya ma karkata zato ga toshewa, kuma da shi likita zai yanke ko a fara asfirin, maganin da zai ƙara ɓarna da a ce jini ne ya zuba. Hoton MRI ya fi saurin kama toshewar, ko a maimaita CT bayan kwana ɗaya ko biyu.

Abin da CT mai kyau ke kawarwa a ranar shi ne zubar jini mai yawa, babban ƙari, da taruwar ruwa. Sauran ba lallai ne ya gan su ba. Masu farfaɗiya da yawa hotonsu tas yake, domin matsalar a aikin ƙwaƙwalwa take, siffarta ba ta taɓu ba. A nan bayanin wanda ya ga faɗuwar da idonsa, tare da gwajin EEG, sun fi amfani. Sanƙarau kuwa, wanda ya yi ɓarna a Zamfara da Sakkwato a 2017, da ruwan ƙashin baya ake tabbatar da shi. Zazzaɓin cizon sauro da ya hau kai da faɗuwar sukari, gwajin jini ke nuna su.

A kuma dubi kwanan watan da ke kan takardar. Tsohon da ya faɗo daga babur, hotonsa na ranar na iya fita lafiya, jini kuma ya riƙa tsattsafowa a hankali ƙarƙashin ƙoƙon kai. Idan bayan makonni ya soma yawan barci, ruɗewa, amai ko jan ƙafa, a mayar da shi asibiti a ranar, a tafi da tsohon hoton domin a gwada shi da sabo.