Yadda ake goge kukis na wani shafi kaɗai ba tare da taɓa sauran ba

Ɗaliban Jami'ar Maiduguri da dama kan yi rajistar darussa da biyan kuɗin makaranta a shagunan intanet, inda mutane da yawa ke amfani da kwamfuta ɗaya. Idan ɗalibi ya tashi bai fita daga asusunsa ba, wanda ya zauna bayansa na iya tarar da shi a buɗe.

Dalili kuwa shi ne kukis, wato ƙananan bayanan da shafi ke ajiyewa a cikin burauza domin ya gane wanda ya riga ya shiga. Goge su baki ɗaya yana fitar da mutum daga imel da duk sauran shafuka, alhali sau da yawa shafi ɗaya ne ake buƙatar tsabtacewa.

A burauzar Chrome ta kwamfuta, ana rubuta wannan a gurbin adireshi:

```
chrome://settings/content/all
```

Jerin shafukan da suka ajiye bayanai zai bayyana. Sai a nemi unimaid.edu.ng, a danna alamar kwandon shara da ke gabansa, a tabbatar. Idan aka sake buɗe shafin ya nemi kalmar sirri, to gogewar ta yi.

Mai shagon da ba ya son maimaita wannan aiki kullum zai iya sa burauzar ta riƙa yi da kanta, ta wannan adireshi:

```
chrome://settings/content/siteData
```

A ƙasan shafin akwai sashen da ake jera shafukan da za a riƙa goge bayanansu duk lokacin da aka rufe Chrome. Sai a danna Add a rubuta:

```
[*.]unimaid.edu.ng
```

Alamar da ke farkon rubutun tana sa dokar ta haɗa da dukkan rassan shafin. Haka ma za a yi wa shafin hukumar JAMB, wato jamb.gov.ng.

Sai dai tsarin yana da iyaka. Gogewar ba ta faruwa sai an rufe dukkan tagogin Chrome, don haka rufe shafi ɗaya bai wadatar ba. A shagon da ake barin burauza a buɗe tun safe har dare, bayanan ɗalibin farko na iya kaiwa yamma.

Haka kuma tsarin ba ya taɓa kalmomin sirrin da aka adana, ko tarihin shafukan da aka ziyarta, ko takardar shaidar biyan kuɗi da aka sauke. Waɗannan sai an goge su daban.

Saboda haka ya kamata ɗalibi ya danna Logout kafin ya tashi, ya ƙi amincewa idan burauza ta nemi adana kalmar sirrinsa, sannan ya rufe dukkan tagogi.