Kafin a Ce Yaro Ba Ya Gane Lissafi

Duk ƙarshen zango, iyaye da yawa kan koma gida da ɗayan magana biyu daga bakin malamin lissafi: ko dai "yaron nan ba shi da ƙwaƙwalwa", ko kuma "ba kwa kula da karatunsa a gida". Ta farko tana jawo wa yaro bulala, ta biyu tana sa uba ya daina taka ƙafa makaranta, kuma babu wadda ta faɗi abin da ya lalace. Ni a ganina malami bai yi bayani ba sai ya buɗe littafin yaron a gaban iyayensa, ya ɗora yatsa a kan matakin da ya kuɓuce masa.

A ɗauki yarinya 'yar aji huɗu da aka ba ta 74 − 38, ta rubuta 44 maimakon 36. Jan biro zai ce ta faɗi, shi ke nan. Amma amsar ba ta kame-kame ba ce. Ta ga 4 a sama, 8 a ƙasa, ta tuna an ce ƙarami ake ɗebewa daga babba, sai ta cire 4 daga 8, sannan 3 daga 7. A ba ta 68 − 25, za ta ci, domin babu aro a ciki. Wanda ke kusa da ita ya rubuta 46: shi ya yi aron, ya cire 8 daga 14, amma ya manta cewa 7 ta koma 6. Makinsu ɗaya, matsalarsu daban. Tun 1978 masu bincike John Seely Brown da Richard Burton suka nuna cewa kurakuran yara da dama a ɗebewa suna bin wata ƙa'ida ce da yaron ya riƙe a karkace, yana kuma bin ta da gaskiya. Lissafi kuwa kamar gini yake, sahu kan sahu: wanda bai gane cewa 7 ɗin nan saba'in take nufi ba, zai sake tuntuɓe a doguwar rabawa, inda kowane mataki sai an ɗebe.

Abin da za a faɗa wa uba ke nan: "Alhaji, 'yarka tana ɗebewa daidai muddin babu aro. Inda lambar sama ta gaza ta ƙasa, nan take juya su. Darasin aji biyu ne ya wuce ta. Zan koma kansa da ita, mu sake zama bayan wata guda mu duba." Maganar ta fara da abin da ta iya, ta ambaci giɓin, ta sa lokaci.

Wani zai ce wannan lallashi ne, ana ɓoye gaskiya. Ai faɗa wa uba cewa 'yar aji huɗu tana cije a darasin aji biyu ya fi "daƙiƙiya ce" ɗaci, sai dai ana iya yin wani abu a kansa. Wani kuma zai ce akwai yaran da fashi ya yi musu yawa, saboda talla, gona ko zazzaɓi. Haka ne, kuma a faɗa. Amma a buɗe rijista a ce, "Makon da aka koyar da aro ba ta nan, me ya faru?" Tambaya tana fito da dalilin da zargi kan rufe. Malami kuma ya haɗa da nasa ɓangaren: cunkoson aji, gudun kammala manhaja, da koyarwa cikin Turancin da yaro bai gama ji ba.

Ƙorafin da ya fi nauyi shi ne iyaye da yawa ba su yi boko ba, to me za su taimaka da shi? Uwar da ke ba da canji kullum ta san aro, sunansa ne kawai ba ta sani ba. A Recife ta ƙasar Brazil, wani bincike na 1985 ya gano yara masu talla suna lissafa ciniki daidai da ka, amma su kasa irin lissafin nan a takarda. Don haka a ɗaure tsinken tsintsiya goma-goma, ɗauri bakwai da tsinke huɗu, a ce yarinyar ta bayar da talatin da takwas. Dole ta kwance ɗauri guda, ta ga saura shida da idonta. Idan an yi makonni ana haka ba ta motsa ba, a duba ganinta da jinta a asibiti.

Iyaye, idan aka ce muku yaro ba ya gane lissafi, ku nemi a nuna muku littafinsa, ku tambaya: a wane mataki yake tsayawa?