Ƙara uku a cikin inji: wacce ce ta gaggawa?

Da asubar hunturu direban tasi ya tayar da Golf ɗinsa, ya bar ta a silo tana ɗumama, sai ya ji wani ƙwas-ƙwas daga ƙarƙashin bonet. Kafin ya gama shan shayi wani ya ce masa injin ya kusa bugawa, wani ya ce tafet ne kawai. Kowannensu yana iya yin gaskiya, domin abubuwa uku ne suka fi kawo irin wannan ƙara, kuma kuɗin gyaransu ba ko kusa ba.

Mafi sauƙi ita ce ƙarar tafet. Siririya ce, cak-cak-cak kamar keken ɗinki, kuma daga saman inji take fitowa. Bakanike yakan ɗora bakin doguwar sukudireba a kan murfin bawul, ya kara kotar a kunnensa, ya bi ƙarar har inda ta fi ƙarfi. A Golf 3, tafet da bakin mai yake cika kansa, don haka idan man ya yi ƙasa ko ya yi dauɗa sai ya kama surutu, sau da yawa kuma sabis kaɗai ke rufe masa baki. Honda Accord mai inji 2.4 ta 2003 zuwa 2007 kuwa da hannu ake saita bawul ɗinta, canjin mai ba zai hana ta ƙara ba.

Ta biyu ta fistin ce. Idan ya ɗan yi wa silinda kaɗan, yakan karkata ya mari bango duk lokacin da wuta ta tashi, ya ba da sauti mai kama da na injin dizal. Zafi ne ke tona shi. Fistin na alminiyom ne, alminiyom kuwa yana buɗewa da zafi kusan ninki biyu na ƙarfe, saboda haka bayan 'yan mintoci sai ya cike gurbin, ƙarar ta lafa. Injinan 5.3 na motocin Chevrolet da GMC na wajajen 1999 zuwa 2002 sun yi suna da wannan hali, kuma da yawansu sun ci dogon zango a haka.

Ta kwanrod ita ce ba a wasa da ita. Tsakanin metal da karanshaf akwai tazarar da ba ta kai kaurin gashin kai ba, wajen milimita 0.03 zuwa 0.05, kuma bakin mai ne ke zaune a ciki yana hana ƙarfe taɓa ƙarfe. Idan metal ya cinye, tazarar ta faɗaɗa, kwanrod sai ya riƙa dukan karanshaf. Sautin mai nauyi ne, daga can ƙasa, kamar ana buga guduma a cikin ɗaki rufe. Halinsa kishiyar na fistin ne: da safe mai yana da kauri, yana ɓoye shi, amma da inji ya yi zafi man ya tsinke, sai ya fito fili. Shi ya sa wasu dillalai ke ɗura wa mota mai mai kauri kafin mai saye ya iso.

A koma kan Golf ɗin nan. Bakaniken da ya san aikinsa ba zai yanke hukunci da inji mai sanyi ba. Zai fara duba ma'aunin mai, ya bar motar a silo har fanka ta tashi, sannan ya sake saurare. Idan ƙarar ta tafi, fistin ne ko tafet da ya makara wajen cika. Idan ta ƙaru, sai ya ɗan taɓa totur zuwa 2,000 ko 2,500 ya saki, domin kwanrod yakan yi ƙwanƙwasa a jere daidai wannan lokaci. Daga nan sai ya cire wayar filogi ɗaya bayan ɗaya da filaya mai roba. A ce ya cire ta ɗaya da ta biyu ba abin da ya sauya, da ya cire ta uku bugun ya kusa ɓacewa: silinda ta uku ce, don an ɗauke wa metal ɗinta nauyin wuta. Tafet bai damu da wannan gwaji ba, zai ci gaba da cak-cak ɗinsa. Ƙarar fistin ma takan ɗan ragu, shi ya sa ake haɗawa da gwajin zafi.

Sauran shaida tana cikin man. Idan aka juye shi a faranti aka kai rana, aka ga yana ƙyalli da garin ƙarfe ko na jan ƙarfe, ko kuma fitilar mai tana ƙiftawa a silo bayan inji ya yi zafi, to a kashe motar a ja ta zuwa gareji. Wanda ya tsaya a nan, wataƙila sabon metal da wankin karanshaf su ishe shi. Wanda ya ce bari ya ƙarasa lodin yau, metal na iya juyawa a mazauninsa, kwanrod ya karye ya huda bulok, sai neman wani injin.