Darasin Awo a Ƙarƙashin Darbejiya

Yaro ɗan aji huɗu zai iya haddace cewa girman fili shi ne tsawo sau faɗi, amma a kai shi bakin fili a ce ya auna, sai ya zagaya gefe yana ƙirga taku. Kewaye ya auna ke nan, ba girman fili ba. Wannan ruɗani shi ne abin da darasin waje ya kamata ya warware, kuma shirinsa tun jiya ake yi.

Malami ya yanka karan dawa miƙaƙƙu, kowane mita 1 daidai, ya gwada su da tef ɗin tela. Kowane rukuni na yara biyar ya samu kara huɗu, da igiya mai mita 20 da aka ƙulle bakinta biyu, da duwatsu huɗu. Sai ya nemi wuri mai inuwa, ya shata fili mai tsawon mita 6 da faɗin mita 4. Ya auna daga kusurwa zuwa kishiyarta ta ɓangarorin biyu. Idan awon bai zo ɗaya ba, filin ya karkace.

Da safe, kafin rana ta yi zafi, a fara da taku. Wani zai samu 10, wani 12. Kada malami ya yi saurin raba gardama, ya tambaye su dalili. Da kansu za su gano cewa ƙafa ba ɗaya ba ce, kamar yadda kamun mai sayar da yadi ya bambanta da na mai saye. Lokacin ne kara zai yi amfani, kowa ya samu 6 da 4. Wanda ya samu ƙasa da haka ya bar rata tsakanin kara da kara. Wanda ya haura, ɗora su ya yi kan juna.

Daga nan a haɗa kara huɗu su yi murabba'i, a riƙa zana shi a ƙasa har fili ya cika. Layi 4 ne, kowane da gida 6, jimla 24. Rukunin da ya ce 20 kewaye ya ƙirga. Wanda ya ce 10 tarawa ya yi.

A ƙarshe kowane rukuni ya ja igiyarsa sosai, ya danne kusurwoyi da duwatsu. Su yi 8 da 2, gida 16. Su sāke su yi 5 da 5, gida 25. Igiyar ba ta ƙaru ba, amma fili ya ƙaru da gida 9. Kafin a koma aji, malami ya tambaye su: da shinge iri ɗaya, wane lambu ne zai fi cin shukar alayyafo?